Daga kalma 80 zuwa 10: tambayoyi da amsoshi kan fitar da taken kamfani

Shekara da shekaru ina rubuta wa 'yan kasuwa kalmomin talla a nan Legas, daga masu shago a Agege zuwa masu motocin dakon kaya a Mile 12 da Alaba Rago. Aikin da aka fi kawo mini shi ne mutum ya zo da doguwar takardar manufar kamfaninsa, wadda galibi an rubuta ta ne lokacin neman bashin banki ko kwangila, ya ce a matse masa ita ta koma layi ɗaya da zai rubuta a jikin mota. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake ta maimaita mini. Zan amsa su da aiki guda da na yi wa wani kamfanin dakon kayan gwari, wanda ba zan kama sunansa ba.

Malam, ba bayanin manufar ba ne kawai ake gajartawa ya zama take?

A'a, kuma nan ne mafi yawan mutane ke ɓata. Bayanin manufa na 'yan gida ne: ma'aikata, masu hannun jari, banki. Yana faɗin duk abin da kamfani ke burin zama. Take kuwa na mutumin waje ne, wanda bai san ka ba, bai kuma tsaya domin ka ba. In ka ce sai kowane yanki na manufar ya samu wakili a cikin kalma goma, abin da za ka samu shi ne jerin sunaye irin "inganci, gaskiya, amana, ci gaba", wanda babu mai tuna shi ko da an biya shi.

Dubi kirari. Da aka ce Kano tumbin giwa, ba a kawo zancen ganuwa ba, ba a kawo marinar Ƙofar Mata ba, ba a kawo Dala ba. Abu ɗaya aka ɗauka, sauran aka bar wa mai sauraro. Haka take yake. Zaɓe ne ake yi, kuma zaɓe yana da ciwo, domin sai ka bar abubuwan da kake so.

To me ya sa goma? Wa ya kafa wannan doka?

Babu wanda ya kafa ta. Iyaka ce da mai aiki ke sa wa kansa, kuma tana da dalili biyu. Na farko numfashi: kalma goma ita ce kusan abin da mutum zai faɗa a numfashi ɗaya bai tsaya ba. Na biyu ido. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In rubutun allonka ya fara karantuwa daga nisan mita 80, direba yana da ƙasa da daƙiƙa biyar, kuma a cikinsu yana kallon hanya, yana kaucewa 'yan acaba. Shi ya sa masu manyan allunan titi ke son abin da bai wuce kalma shida ko bakwai ba. (Na sani, wanda gosulo ya riƙe a gadar Third Mainland zai karanta allonka sau ashirin. Kada ka dogara da shi.)

Goma rufi ne, ba sai ka cika ba. Taken kamfanin Nike da ya fito a 1988 kalma uku ne. Amma kamfanin da duniya ta riga ta sani yana iya yin magana a dunƙule, domin ba sai ya faɗi abin da yake sayarwa ba. Kai da ka fara bara, takenka dole ya ɗauki wani ɓangare na wannan nauyi, shi ya sa nake ba ka goma ba uku ba.

Nuna mana takardar da aka kawo maka.

Ga ta, yadda take a bangon ofishinsu:

"Manufar kamfaninmu ita ce ya zama jagora a harkar safarar amfanin gona a Najeriya da Afirka ta Yamma baki ɗaya, ta hanyar samar da ingantaccen aiki mai inganci ga abokan cinikinmu, da amfani da fasahar zamani, da ɗauko tumatir da tattasai da attaruhu daga gonakin Arewa zuwa kasuwannin Legas cikin kiret a kan lokaci, domin rage asarar manoma da 'yan kasuwa, da samar wa matasa aikin yi, da bunƙasa tattalin arzikin ƙasa, bisa gaskiya da riƙon amana da tsoron Allah."

Kalma 80 cif, a jimla ɗaya, kuma "da" ta fito sau 12. Ba na yi musu dariya ba ne, don ba ta fi sauran da nake gani muni ba. Amma ka lura, sai ka kai kalma ta 39 kafin ka san cewa tumatir suke ɗauka.

Daga ina ake fara yankan?

Ka buga takardar, ka ɗauki biro, ka bi ta yanki yanki kana yin tambaya ɗaya: shin abokin gasata zai iya faɗin wannan game da kansa ba tare da ya yi ƙarya ba? In zai iya, ja layi a kai.

"Ya zama jagora": kowa na so, kuma buri ne naka, ba amfanin mai saye ba. "Afirka ta Yamma baki ɗaya": na tambayi Alhajin da ke da kamfanin ko motarsa ta taɓa tsallaka iyakar Seme, ya ce tukuna. An ja layi. "Ingantaccen aiki mai inganci": abu ɗaya sau biyu, kuma ba a taɓa jin kamfanin da ya ce aikinsa jabu ne ba. "Fasahar zamani": da na matsa, ashe kiret ɗin roba ake nufi, kuma kiret ya riga ya zo da sunansa a gaba, saboda haka babbar rigar ta sauka. Aikin yi ga matasa da tattalin arzikin ƙasa gaskiya ne, amma dillalin da ke neman motar da za ta kawo masa kaya ranar Talata ba wannan ne damuwarsa ba.

Abin da ya tsira shi ne: "ɗauko tumatir da tattasai da attaruhu daga gonakin Arewa zuwa kasuwannin Legas cikin kiret a kan lokaci, domin rage asarar manoma da 'yan kasuwa". Kalma 24. Ba mu ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba tukuna, sharewa kawai muka yi, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari ya tafi.

Haba Malam, har gaskiya da tsoron Allah ka share?

Wannan ita ce tambayar Alhajin kansa, kuma ransa bai so ba. Na ce masa, ranka ya daɗe, ba daga kamfanin na cire su ba, suna nan a bangon ofis inda suka dace. Amma gaskiya ba ta tabbata da faɗa. Wanda ya cuce ka bara ma haka ya rubuta a allonsa. Abin da ya fi shi ne take ya yi alkawarin da mai amana ne kaɗai zai iya cikawa, sai mai karatu ya gano amanar da kansa.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda shi ne ya gamsar da shi. Za a buga taken a jikin kiret da rasit da leda. Duk wanda ya shiga Mile 12 da damina ya san inda takarda da leda ke ƙarewa: a ƙasa, cikin caɓi, ana takawa. Ba nan ne wurin sunan Allah ba.

Kalma 24 ta rage. Sai kuma me?

Nan ne ainihin aikin, kuma ba da biro ake yin sa ba, da baki ne. Tambaya biyu nake yi wa mai kamfani, ba na barinsa sai ya amsa kowacce da abu ɗaya.

Ta farko: wa ke biyan ka? Takardar ta ce manoma da 'yan kasuwa. Amma da muka buɗe littafin rasit, kuɗin dako daga hannun 'yan kasuwar da ke sayen kaya a Kwanar Gafan da kasuwannin yankin Kadawa a jihar Kano su turo Legas yake fitowa. Manomi yana amfana, amma ba shi ke zaɓar mota ba. Saboda haka da ɗan kasuwa za a yi magana, manomi ya fita.

Ta biyu: wane alkawari ɗaya ne ke hannunka? A takardar akwai guda biyu, "a kan lokaci" da "rage asara". Alhajin ya so lokaci, don ya fi daɗin ji. Na tambaye shi: daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, da shingaye, da ramuka, da taya mai fashewa, da tirelar wani da za ta faɗi ta tare hanya. A tafiya goma, sau nawa ka iso a lokacin da ka faɗa? Ya yi shiru. Alkawarin da hanya ke da iko a kansa fiye da kai ba naka ba ne, kuma ranar da ka saɓa, takenka da ke jikin motar shi zai zama abin da za a zage ka da shi.

Kiret kuwa nasa ne. A kwando, in an jera wani kan wani, tumatir ɗin ƙasa shi ke ɗaukar nauyin na sama, ga kaifin saƙar kwandon yana yankarsa duk lokacin da mota ta faɗa rami. Kiret ɗin roba bakinsa ke hawa bakin ɗan'uwansa, robar ce ke ɗaukar nauyi ba tumatir ba, kuma yana da ƙofofin da iska ke ratsawa. Ko mota ta makara, kayan ba su matse ba. Wannan shi ne abin da yake yi wanda mai kwando ba ya yi.

Da muka samu amsoshin, na sa ya faɗa mini da bakinsa kamar yana gaya wa ƙaninsa, na rubuta: "Muna ɗauko maka tumatir daga gonakin Arewa zuwa Legas cikin kiret, ya iso ba tare da ya farfashe ba." Kalma 19. Ba ta da ado ko kaɗan, amma kada ka tsallake wannan mataki. Duk taken da na ga ya lalace, an fara neman daɗin lafazi ne kafin a san abin da ake son faɗa.

Daga 19 zuwa 10 fa?

Na rubuta sama da ashirin, na zubar da mafi yawa. Uku ne suka kai gaban Alhaji.

Na farko: "Tumatir daga Arewa zuwa Legas, cikin kiret, bai farfashe ba." Kalma goma, kuma duk abin da ke cikinsa gaskiya ne. Laifinsa biyu. Ya ɓatar da kalma huɗu wajen gaya wa ɗan kasuwar Mile 12 cewa tumatir daga Arewa yake zuwa, abin da ya sani tun yana yaro. Sannan kalmar da ta fi nauyi a ƙarshensa ita ce "farfashe", ita za ta zauna a kunne tare da sunan kamfanin.

Na biyu: "Yadda aka tsinko shi a gona, haka zai iso Legas." Shi ma goma. Wannan ya fi daɗi nesa ba kusa ba, saboda "yadda" da "haka" sun raba shi gida biyu, kamar karin magana. Alhajin har ya ce a rufe a nan. Amma wani tsohon direbansa da ke zaune a gefe ya ce, Malam, ai tumatir a hanya yake ƙarasa nuna, wanda aka tsinko da sauran tsanwa ja yake isowa. Gaskiyarsa. Bayan haka, tsakanin gona da mota akwai hannuwa da yawa da ba na kamfanin ba. Mun sake yin alkawarin abin da ba mu da iko a kai. Ga kuma "shi" da ba a san ko wane ne ba in babu hoto.

Gyaran direban ne ya haifi na uku. Ikon kamfanin daga lodi yake farawa, a saukewa yake ƙarewa, to a faɗi haka: "Tumatir a kiret: yadda aka loda, haka za a sauke."

Kalma goma. Uku na farko sun faɗi sana'ar da bambancinta, bakwai na ƙarshe sun yi alkawari da kalmomin da 'yan dako da kansu ke faɗa kullum. Kuma ga abin da ban shirya ba: ɗan kasuwa yana jin ma'ana biyu a ciki, kayan ba su lalace ba, kuma ba a rage ko kiret ɗaya a hanya ba. Riƙon amanar da muka share ya dawo ba tare da an kira sunansa ba.

Tattasai da attaruhu fa? Ba za a ɗauka ba ma dakonsu ba?

Tumatir ne ya fi su saurin lalacewa. Wanda aka yarda da shi a kan tumatir, ba a tambayarsa ko zai iya attaruhu.

Inda damuwar take da gaske shi ne ranar da kamfanin zai fara ɗaukar albasar Aliero a buhu. Nan "tumatir a kiret" zai matse shi. Amma in ranar ta zo, a cire kalma ukun farko, sauran bakwai su tsaya da ƙafarsu: "Yadda aka loda, haka za a sauke." A lokacin an riga an san sana'arsu.

Yaya ake ƙirga kalmomin a Hausa? Su "a" da "za" ma suna ciki?

Suna ciki. Duk abin da aka raba da fili kalma ce, domin ido na karanta ta, kuma tana cin wuri a jikin mota. Hausa na da irin waɗannan ƙananan kalmomi da yawa. "Ko da me ka zo an fi ka" kalma takwas ce, amma gaɓa takwas ce kawai, tana fita kamar ƙiftawar ido. Saboda haka in takenka ya kai 11 amma gajeru ne, ka faɗe shi da ƙarfi kafin ka yanke masa hukunci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maguɗi: a haɗe "za a" ta koma "za'a" don a rage lissafi. Ƙa'idar rubutu ta raba su.

Inda Hausa ke taimaka maka kuwa shi ne mallaka da ke manne a jikin suna. "Kayanka" kalma ɗaya ce. Sannan korewa na da tsada: "ba tare da ya farfashe ba" ta cinye kalma shida, don haka in kana neman wuri, fara da juya korewa ta koma tabbatarwa.

Ta yaya zan san taken ya yi, kafin in kashe kuɗin fenti?

Kada ka tambayi ma'aikatanka ko matarka ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ka nemi mutum biyar daga cikin irin waɗanda ke biyan ka, ka faɗa wa kowanne sau ɗaya, ba a rubuce ba, ka tambaye shi: wannan kamfani me yake yi? In ya ce "ina jin kayan miya suke sayarwa", akwai gyara. Washegari ka kira su a waya ka ce su maimaita. Ba sai sun kawo shi daidai ba. Ka saurari inda suka canza: in uku sun sauya kalma ɗaya da wata, to tasu ce daidai, taka ce ta yi nauyi a baki.

Na ƙarshe, sa sunan abokin gasarka a gaban taken. In ya zauna daram, ka koma matakin biro. Namu bai zauna a motar mai kwando ba, domin kalma ta uku ta ƙaryata shi.

Nan Legas ce. Ba za a fassara shi zuwa Turanci ko Yarbanci ba?

Ya danganta da amsar "wa ke biyan ka". Masu biyan wannan kamfani Hausa suke ji, don haka Hausa ce a jikin mota. Ranar da za su fara kai wa otal-otal da manyan kantunan Ikeja da Lekki kaya kai tsaye, za su buƙaci na Turanci. A ranar, kada a miƙa wa mai fassara kalma goman. A ba ɗan asalin harshen jimlar nan ta kalma 19, ya gina nasa daga tushe, domin daɗin "yadda" da "haka" na Hausa ne, ba ya bin kowa zuwa wani harshe.

Akwai rajista ko izinin da ake nema?

Rajistar CAC sunan kamfani ta tsare, ba takensa ba. Mai son kare take sai ya nemi rajistar alamar kasuwanci a ofishinta da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya a Abuja. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14. Ka sani cewa taken da bai wuce bayyana kaya kawai ba yana da wuyar samun wannan kariya, shi ya sa lauyoyi kan haɗa shi da tambarin kamfani.

Allon titi da motar da aka yi wa rubutun talla a jihar Legas suna ƙarƙashin hukumar LASAA, wadda aka kafa a 2006, kuma ana neman izininta. Tallan da za a saka a rediyo ko talabijin ko jarida yana bi ta tantancewar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON. In kayanka abinci ne na kwali ko magani, NAFDAC ma na duba abin da ka ce. Kalmomi irin "na ɗaya" da "ya fi kowa" su ne ke jawo a ce ka kawo hujja.

Saura mai bugawa. Akwai abin lura?

Akwai, kuma na sha wuya a kansa. Masu ɗab'i da yawa a Shomolu ba su jin Hausa, kuma ba kowane salon rubutu na kwamfuta ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Ko su koma k da d da b, ko su fito kamar ɗan akwati. Wani lokaci kuma mai ƙoƙari ne ke ɓata maka aiki. Na taɓa aika taken wani mai burodi da ke da kalmar "sabo", yaron da ke kan kwamfuta ya ji an ce Hausa na da lanƙwasa, ya sa wa b ɗin ƙugiya. Leda ta fito tana tallan saɓo. Haka kaya ke komawa ƙaya, baki ya koma baƙi.

Tun daga nan, in ina da take biyu masu ƙarfi ɗaya, wanda ba shi da baƙi mai lanƙwasa nake ɗauka, kuma na Alhaji ba shi da ko ɗaya. Ka duba kuma kalmomin da rubutu ba ya bambancewa sai karin sauti ko tsawon wasali, irin "gari" da "kai" da "fari", ka tabbata jimlar ta nuna wanne ake nufi. Kafin a buga da yawa, ka nemi samfuri ɗaya a girman da za a yi amfani da shi, ka manna a bango, ka ja baya taku ashirin, ka sa wanda bai taɓa ganinsa ba ya karanta maka da ƙarfi.